Ta Yaya Zai Ci, Kuma a Wane Turmi? Cacar Damben Boksin da ta MMA

A daren 20 ga Agusta 2022, a birnin Salt Lake City na Amurka, Kamaru Usman ya shiga turmi na biyar yana kan gaba a takardun alƙalan maki duka uku. Ɗan Najeriyar, haifaffen Auchi, ya bar wa Leon Edwards na Birtaniya turmin farko, sannan ya danne shi a na biyu da na uku da na huɗu. Saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya yi kamar zai kai naushi da hagu, Usman ya karkata kai don ya kauce, sai ƙafar hagun Edwards ta tarye shi a gefen kai. Nan take ya zube, kambun UFC ya koma Birtaniya.

Duk wanda ya sa kuɗinsa a daren nan cewa Usman zai ci da maki, hasashensa yana kan hanya har tsawon minti 24, kuma ba da ka ya yi shi ba. Usman ya taɓa doke Edwards da maki a 2015, wasansa na baya da Colby Covington ma da maki ya ƙare. Amma tikitin caca bai san an kusa ba. Irin wannan caca, wadda ake sa kuɗi a kan yadda za a ci da kuma turmin da za a ci, ita ce ke jan matasa a wayoyinsu duk ranar da Anthony Joshua ko Israel Adesanya ko Usman zai yi wasa. Haɗarinta ya fi na cacar “wa zai ci” nesa ba kusa ba, kuma inda haɗarin ke maƙale a boksin daban yake da inda yake a MMA, damben nan na cikin keji da ya haɗa naushi da shuri da kokawa.

Matsayin caca a addini da al'adarmu ba ɓoyayye ba ne, kuma Hukumar Hisba a Kano ta sha rufe shagunanta. Sai dai shagon ya koma cikin waya, kuma yaron da ke ganin ya san dambe ba ya jin cewa caca yake yi, yana ganin iliminsa yake sayarwa. Shi ya sa nake ganin ya kamata iyaye da yayye da su kansu matasan su san yadda aka gina wannan kasuwa.

Kamfanin caca yana buɗe kasuwa uku a kan wasa ɗaya. Ta farko ita ce wa zai ci. Ta biyu ita ce hanyar nasara: a boksin ko dai bugun kwaf ɗaya, wanda ake rubutawa KO, tare da ɗan'uwansa TKO, wato alƙalin wasa ya tsayar da faɗa don ya ga ɗaya ba ya iya kare kansa, ko kuma maki bayan an kai ƙarshe, ko kunnen doki. A MMA ana ƙara hanya ɗaya, miƙa wuya, inda aka shaƙe mutum ko aka murɗe masa gaɓa har ya bubbuga hannu ya sallama. Kasuwa ta uku ita ce turmi: mutum ya ce wane zai ci a turmi kaza. Kowane zaɓi yana da lambar ninki a gefensa. Idan an rubuta 2.50, wanda ya sa naira 1,000 zai karɓi 2,500 in ya dace, har da uwar kuɗinsa a ciki.

Abin da ke tura mutane daga kasuwa ta farko zuwa sauran biyun a fili yake, musamman a boksin. Masu shirya wasa sukan haɗa tauraronsu da wanda bai kai shi ba don su gina masa suna, sai lambar tauraron ta faɗo zuwa kamar 1.10. Mai naira 1,000 ya ga ribarsa naira 100 ce kacal, sai idonsa ya sauka ƙasa kaɗan, inda aka rubuta cewa in tauraron ya ci a turmi na shida za a ninka masa sau goma sha biyu. A zuciyarsa wasa ɗaya ne, mutum ɗaya ne, kuma ya riga ya san wanda zai ci. Abin da bai lura ba shi ne tambayar ta canja gaba ɗaya.

Lambar ninki tana ɗauke da ribar kamfani a cikinta, kuma kowa zai iya tono ta da lissafin firamare. A raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne kason damar da kamfanin ya ɗora wa zaɓin. Ga misali da na tsara don bayani, ba na wani wasa na gaske ba. A ce ɗan dambe na farko yana da 1.50, na biyu 2.60. Na farko ya ba da 66.7, na biyu 38.5, jimla 105.2. Da gaskiya tsantsa ake yi, jimlar 100 za ta zama. Wannan 5.2 da ta hau kai ita ce ladan kamfani, ma'ana a kan kowace naira 1,000 da jama'a suka zuba, kimanin 950 ce ke komawa hannunsu.

Yanzu a duba hanyar nasara a wasan nan dai. Na farko da KO 2.50, na farko da maki 3.00, na biyu da KO 5.00, na biyu da maki 7.00, kunnen doki 15.00. In aka raba 100 da kowacce za a sami 40 da 33.3 da 20 da 14.3 da 6.7, jimla 114.3. Abin da ke komawa ga jama'a ya sauko zuwa kimanin 875 a kowace 1,000. Haka al'adar kasuwar take: yawan gidajen zaɓi, yawan wuraren da kamfani zai ɓoye ladansa, domin ba mai zama ya tara lambobi ashirin da wani abu ya ga inda jimlarsu ta tsaya. Wanda kuma ya haɗa irin wannan zaɓi guda uku a tikiti ɗaya, ladan yana ninkuwa ne, abin da ake sa ran zai dawo masa ya koma kimanin 670.

A nan ne wasannin biyu suka fara rabuwa. Damben kambu na maza a boksin turmi 12 ne, kowanne minti 3, da hutun minti ɗaya a tsakani. Kasuwar turmi a nan tana da gida 27: turmi 12 na wannan, 12 na wancan, maki na kowannensu, da kunnen doki. A MMA turmi minti 5 ne, wasan yau da kullum turmi 3, wasan kambu da babban wasan dare turmi 5. Gidajen kasuwar turmi 9 ne a na farko, 13 a na biyu. Saboda haka mai canka turmi a boksin yana harbin taga mai faɗin minti 3 a cikin minti 36, mai canka a MMA kuma yana harbin taga mai faɗin minti 5 a cikin 15 ko 25. Shi ya sa lambobin turmi a boksin suke da ƙiba, kuma ƙibar nan ce tarkon. A ce damar gaskiya ta wani turmi ɗaya ce cikin 25, kamfani kuma yana biyan ninki 20. Wanda ya yanki irin wannan tikiti na naira 500 sau 25 ya kashe 12,500, abin da lissafi ya ba shi shi ne ci ɗaya na 10,000. Kuma fiye da mutum ɗaya cikin uku da suka yi haka ba za su ci ko sau ɗaya ba a duka yankan 25.

A boksin, hanyar nasara tana ɗan karantuwa, turmi ne ke da wuyar kamu. Dalilin yana cikin dokar wasan. Safar hannun boksin tana da nauyin kimanin giram 230 zuwa 280, tana da girman da mutum zai ɓoye fuskarsa a bayanta. Idan ɗan dambe ya faɗi, abokin karawarsa dole ya ja da baya zuwa kusurwa, alƙali ya ƙirga goma. Wannan ya bambanta da damben gargajiyarmu, inda da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A boksin faɗuwa ba kisa ba ce. A ranar 1 ga Disamba 2018 a Los Angeles, Deontay Wilder ya shimfiɗe Tyson Fury a turmi na 12, Fury ya kwanta rigingine kamar ba zai tashi ba, amma ya miƙe kafin alƙali Jack Reiss ya kai goma, ya ƙarasa turmin. Alƙalin maki ɗaya ya ba Wilder, ɗaya ya ba Fury, na uku ya rubuta 113 da 113, aka tashi kunnen doki. Mai tikitin Wilder a turmi na 12 ya fara murna, mai tikitin Fury da maki yana ganin shi ya cancanta, amma su biyun hannu wofi suka tashi.

Yawancin tsayar da wasa a manyan damben boksin taruwar duka ce ke kawo ta. Mai kallo da ya san wasa zai iya cewa wannan mutumin zai gaji, zai karye a rabin ƙarshe, kuma ya yi daidai. Amma ko a turmi na takwas zai karye ko na tara, wannan yana hannun alƙalin da zai iya barin naushi biyar su ƙara shiga ko ya shiga tsakani, da ƙararrawar da kan ceci mutum yana tangaɗi, da kocin da ke riƙe da tawul yana shawara da zuciyarsa. Ba wani ilimin dambe da zai gaya maka waɗannan tun kafin a fara.

Ko hanyar nasarar ma, tarihin ɗan dambe yana yaudara, domin mutum yana iya sauya dabara. Kafin 1 ga Yuni 2019, Joshua ya yi wasa 22, ya ci duka, 21 ba a kai ƙarshe ba. A daren nan a New York ya kayar da Andy Ruiz a turmi na uku, Ruiz ya tashi ya kayar da shi sau biyu a turmin, ya ƙara sau biyu a na bakwai, alƙali ya tsayar da wasan. Da suka sake haɗuwa a Diriyah ta Saudiyya a ranar 7 ga Disamba na shekarar, jama'a da yawa sun ɗauka ko ta wane gefe sai an shimfiɗe wani. Joshua ya zo da rage kimanin kilo 5, Ruiz ya zo da ƙarin kimanin kilo 7. Joshua ya ƙi tsayawa musayar duka, ya yi ta zagaye yana tsikarinsa da hagu daga nesa har turmi 12, ya ci da maki mai faɗi. Alamar tana nan tun ranar awon nauyi, amma kamfanonin caca su ma suna kallon sikelin, kuma suna gyara lambobinsu kafin mai waya ya gama tunani.

A MMA lamarin ya juya. Turmi kaɗan ne, amma ƙofofin ƙarewa suna da yawa, kuma kowacce tana iya buɗewa ba sallama. Safar hannu kimanin giram 110 ce, yatsu a waje, ba ta tare komai. Ana duka da ƙafa da gwiwa da gwiwar hannu. Babu ƙirga goma: wanda ya faɗi, ana bin sa ƙasa da duka har sai alƙali ya raba. Da faɗuwar Fury a cikin keji ta faru, Wilder zai hau kansa ne, kuma da wuya alƙali ya bari a ci gaba. Jorge Masvidal ya gama da Ben Askren da gwiwa cikin daƙiƙa 5 a Yulin 2019. Shi ya sa wanda ke kan gaba a MMA ba ya cikin aminci kamar takwaransa na boksin. Watanni uku bayan abin da ya sami Usman, Adesanya ma yana gaban Alex Pereira da maki a New York, aka tsayar da wasan a turmi na biyar, Pereira ya ci. Da suka sake karawa a Miami a Afrilun 2023, Adesanya ne ya shimfiɗe shi a turmi na biyu.

Babban haɗarin mai canka hanya a MMA yana cikin daƙiƙoƙin ƙarshe na faɗan. Ka ɗauki ɗan wasa da ya yi wa abokin karawarsa naushi ya faɗi a ruɗe. Yana da zaɓi biyu a gabansa. In ya zauna a kansa ya ci gaba da duka, alƙali zai tsayar, a rubuta TKO. In wanda ke ƙasa ya juya baya don ya kare fuskarsa, wuyansa ya buɗe, na sama ya zura hannu ya shaƙe shi, a rubuta miƙa wuya. Naushi ɗaya ne ya kawo ƙarshen wasan, amma motsin wanda ake duka ne ya zaɓi tikitin da zai ci. Mai caca ya canki mutumin, ya canki turmin, ya ga naushin da ya yi hasashe, kuma kuɗinsa ya tafi. Ƙari a kan haka, ɗan wasan UFC yakan yi wasa biyu ko uku ne a shekara, kowanne da mutum mai salo daban, don haka tarihin da ake gina hasashe a kansa siriri ne. Usman ya ci Masvidal da maki a 2020, aka ce shi mai danne mutum ne har a tashi, sai ga shi a Afrilun 2021 ya sumar da shi da naushin dama a turmi na biyu.

Maki ma suna da nasu bambancin. Wasannin biyu suna amfani da alƙalai uku da tsarin ba wanda ya ci turmi maki 10, ɗayan 9 ko ƙasa. A turmi 12, kuskuren alƙali a turmi ɗaya yana iya narkewa a cikin sauran. A turmi 3, kuskure ɗaya ya cinye kashi ɗaya cikin uku na wasan.

Sai kuma ƙananan rubutun dokokin kamfani, wanda kusan ba mai karantawa sai rigima ta tashi. A ranar 23 ga Disamba 2023 a Riyadh, Joshua ya jibgi Otto Wallin turmi biyar, a lokacin hutu mutanen Wallin suka ce ya isa, bai fito na shida ba. A wane turmi Joshua ya ci? Kamfanoni da yawa suna lissafa shi a turmin da aka kammala, wato na biyar, amma akwai masu tura shi turmin da aka ƙi fitowa. Mutum biyu masu zaɓi iri ɗaya a kamfani biyu suna iya samun sakamako biyu. Haka abin da ake rubutawa Over 1.5 ko Under 1.5 a allo: rabin nan rabin turmi na gaba ne, wato a MMA minti 2 da daƙiƙa 30 na turmi na biyu, a boksin na maza minti ɗaya da rabi. Daƙiƙa guda ke raba mai ci da mai asara.

Akwai kuma ƙarewar da ba wanda ya shirya mata. A Maris 2021 Petr Yan yana rinjayar Aljamain Sterling, sai ya kai masa gwiwa a kai alhali yana durƙushe a turmi na huɗu, aka kore shi, Sterling ya karɓi kambu. Yawancin kamfanoni suna haɗa irin wannan kora, DQ a allo, da gidan KO, don haka wanda ya sa kuɗi a kan Sterling da maki ko da shaƙa ya canki mai nasara amma ya faɗi. Mako guda bayan haka Edwards ya tsokane wa Belal Muhammad ido ba da gangan ba, aka soke wasan babu mai nasara, a irin haka galibi mayar wa mutane kuɗinsu ake yi. A boksin kwatankwacinsa shi ne karon kai da ya fasa gira. A dokokin da ake bi a yawancin manyan wasanni, in likita ya tsayar bayan an kammala turmi huɗu, ana komawa takardun alƙalai a ba da nasara da maki. Mai tikitin maki zai iya ci, mai tikitin cewa za a kai ƙarshe kuma ya faɗi, a wasa ɗaya.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne wanda mai waya a Kano ko Maraɗi ba shi da hanyar gani. Wasan mutum biyu ne, jikin mutum ɗaya in ya sami matsala ya isa ya yanke hanya da turmi, kuma waɗanda ke ɗakin atisaye sun sani kafin kowa. Kasuwar hanya da turmi ita ce wurin da irin wannan sani ya fi tsada, domin wanda ya san ɗan wasa ba zai iya jure minti biyar ba, ya san kusan komai. A ranar 5 ga Nuwamba 2022 a Las Vegas, sa'o'i kaɗan kafin wasan Darrick Minner da Shayilan Nuerdanbieke, kuɗi suka yi ta kwarara a kan cewa Minner zai sha kaye kuma wasan ba zai yi nisa ba, har lambobi suka karkata sosai. Da aka fara, Minner ya kai shuri, gwiwarsa ta ba da kai, aka gama da shi cikin daƙiƙa 67. Hukumar wasanni ta jihar Nevada ta dakatar da shi da kocinsa James Krause saboda rashin bayyana raunin da yake ɗauke da shi, UFC ta sallami Minner ta kuma hana duk mai atisaye a wurin Krause shiga wasanninta. Lardunan Ontario da Alberta na Kanada sun dakatar da karɓar caca a kan UFC na wani lokaci a watan Disamba na shekarar, sai da kamfanin ya ƙara tsaurara dokokinsa a kan cacar 'yan wasa da masu horar da su sannan aka sake buɗewa.